Wasiƙar ɗan'uwanmu na Jidda: a sayar da gidan Baba, a tsaga shi, ko a biya shi rabonsa?

Wasiƙar ta iso ne wata bakwai bayan rasuwar Alhaji, shafi biyu da rubutun hannu, aka ɗauki hotonta aka turo ta waya. Babban ɗan gidan, wanda kowa ke kira Yaya, shi ya kawo min ita bayan sallar isha, ya miƙo min wayar bai ce komai ba, ya zauna a kan tabarma yana kallon ƙasa. Ni ɗan ƙanin mamacin ne, kuma da yake na sha zama a wuraren rabon gado a danginmu da unguwarmu, irin wannan magana takan biyo ta ƙofata.

Wanda ya rubuto shi ne na tsakiya a cikin maza uku, tela ne a Jidda, shekararsa goma sha ɗaya a can. Bayan gaisuwa da addu'a ga Baba, ya ce shi ba ya ganin zai dawo ya zauna a gidan, ga iyali sun ƙaru, ga kuɗin sabunta iƙama yana cin sa kowace shekara, kuma yana tsoron abin da ya samu gidan kakanninsu na cikin gari, wanda aka bari ba a raba ba har magada suka haura arba'in. Don haka yana ba da shawara a sayar, kowa ya ɗauki haƙƙinsa tun ana ganin mutuncin juna. Ya rufe da cewa: “Yaya, don Allah kada ka ɗauki wannan a matsayin rashin kunya.”

Ban ga rashin kunya a ciki ba. Abin da na gani, kuma shi na fara gaya wa Yaya, shi ne wasiƙar an rubuta ta ga mutum biyu, shi da Auta, alhali masu gidan su shida ne. Akwai Hajiya mahaifiyarsu, wadda take zaune a ɗakin da aka kawo ta tana amarya, akwai kuma 'yan mata biyu da ke gidajen mazajensu. Duk shawarar da maza uku za su yanke su kaɗai ba ta da tushe, ko a shari'a ko a zumunci, domin babu mai sayar da abin da ba nasa ba.

Sai muka ɗauko biro da takarda. Kafin a yi maganar rabo, ana fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashin mamaci, a zartar da wasiyyarsa idan ba ta wuce ɗaya bisa uku na dukiyar ba. Alhaji bai bar bashi ba sai na wani mai hatsi a Dawanau, an kuma biya shi tun kafin sadakar arba'in. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Saboda haka, bisa aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, Hajiya tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas tunda akwai 'ya'ya, ragowar kuma na 'ya'yan ne, namiji ya ɗauki ninkin na mace. Idan aka kasa gidan kashi 64, Hajiya tana da 8, kowane namiji 14, kowace mace 7. Gidan yana wajen Tarauni a Kano, fili ne mai ƙafa 50 a gaba da ƙafa 100 zuwa ciki, da shaguna biyu a bakin titi, kuma waɗanda suka san kasuwar wurin sun yi masa kuɗi naira miliyan 48. A wannan farashin kowane kashi ɗaya naira dubu 750 ne. Hajiya miliyan 6, kowane namiji miliyan 10 da dubu 500, kowace mace miliyan 5 da dubu 250. Da waɗannan alƙaluman za a auna kowace hanya, domin maganar gidan gado idan babu lissafi a gaba, zuciya ce kawai take magana.

Hanyar da Yaya ya fara kawowa ita ce a tsaga gidan, a ja katanga, a ba ɗan Jidda nasa ɓangaren ya yi yadda ya ga dama. Wannan ba ta daɗe a kan tabarmar ba. Filin gaba ɗaya murabba'in ƙafa 5,000 ne. Rabon mace ɗaya bai kai 550 ba, kamar ƙafa 23 tsawo da 23 faɗi, kuma dole a fitar wa kowa hanya da ƙofa da banɗaki da magudanar ruwa daga gaban da bai wuce ƙafa 50 ba. Wanda kuri'a ta ba shi bakin titi da shaguna ya tsira, wanda ta jefa ƙurya ya samu wurin da ba mai saye. Idan aka tara kuɗin gutsattsarin bayan an tsaga, ba za su kai miliyan 48 ba. Tsagawa tana kyau ga gona, ko fili mai faɗi, ko gida mai sassa da kowanne da ƙofarsa tun asali. Ga gidan Alhaji ɓarna ce.

Kuma a nan akwai hukuncin da ya kamata duk mai cewa “ba za a sayar ba, ko sama da ƙasa za su haɗu” ya sani. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke aiki da ita, abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba ana raba shi, abin da kuma ba zai rabu ba sai da cutarwa, idan ɗaya daga cikin masu shi ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu. Ma'ana, idan telan Jidda ya naɗa wakili ya shigar da ƙara, ƙarshen maganar alƙali ya sa a yi wa gidan kuɗi a sayar. Ƙin amsa wasiƙar ba zai tsare gidan ba, sai dai ya mayar da maganar daga zaure zuwa kotu.

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancin gidaje suke faɗawa ba tare da sun zaɓe ta ba: a bar gidan yadda yake, a ce za a riƙa raba kuɗin haya. A baki tana da daɗi, kowa ya tashi ba a ɓata wa kowa ba. To amma a duba abin da take kawowa. Ko da za a kwashe kowa a ba da gidan haya gaba ɗaya da shagunansa, abin da aka ƙiyasta zai shigo a shekara naira miliyan 1 da rabi ne. A cire dubu 300 na gyaran rufi da yashe masai da fenti, saura miliyan 1 da dubu 200. Rabon ɗan Jidda a ciki naira 262,500 a shekara, a kan dukiyar da ta kai miliyan 10 da rabi. Kashi 2 da rabi cikin 100 ke nan, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a shekarar 2024. Gaskiya ne darajar filin kanta tana hawa, amma mutumin da yake neman kuɗin makarantar yara bana ba zai biya da darajar da ke kwance a ƙasa ba.

Kuma wancan lissafin ma na mafarki ne, domin gidan ba kango ba ne. Hajiya na ciki, Yaya da matarsa da 'ya'ya biyar na ciki, Auta na ɗakin zaure. Abin da yake shigowa a zahiri kuɗin shaguna ne kawai, kuma a cefanen gidan yake ƙarewa. Wato mutum uku suna cin moriyar gidan, mutum uku suna waje ba su ganin ko kwabo. 'Yan matan ba za su taɓa buɗe baki su tambaya ba saboda kunya, amma mazajensu suna lissafi, 'ya'yansu ma za su girma su yi. Na faɗa wa Yaya wannan a fili duk da na san ba zai ji daɗi ba: zaman da yake yi a rabon ƙannensa, idan ba da yardarsu ta gaskiya ba, haƙƙi ne a wuyansa.

Babban aibin wannan hanya kuwa lokaci ne. Ranar da ɗaya daga cikin shidan ya rasu, kashinsa zai sake rabuwa tsakanin nasa magadan. Idan Yaya ne, kashi 14 ɗinsa zai watsu tsakanin matarsa da 'ya'ya biyar da Hajiya in tana raye, kuma wasu daga cikin yaran marayu ne ƙanana waɗanda ba a taɓa dukiyarsu sai ta hannun wasiyyi ko da izinin alƙali. Malamai suna kiran wannan munasaha. Daga masu gida shida an koma goma sha ɗaya a dare ɗaya. Gidan kakannin da telan ya ambata haka ya lalace: katangar ƙasa ta zube a damina, ba wanda ya yarda ya sa kuɗinsa ya gyara abin da ba nasa shi kaɗai ba. Idan har dole a bi wannan hanya, to a rubuta kason kowa a takarda da shaidu, a yanka wa mazauna gidan haya ko da mai sauƙi ce, a sa rana a shekara da za a raba, a kuma sa wa yarjejeniyar wa'adi.

Sai abin da wasiƙar ta nema, a kai gidan kasuwa. Kada a raina hujjarsa. Sayarwa tana yanke magana gaba ɗaya, kowa ya riƙe nasa, mata su samu haƙƙinsu a hannu ba a baki ba. Akwai gidajen da ni da kaina nake cewa a sayar tun kafin a gama tambayata: inda 'yan uba ne da ba sa ga maciji da juna, inda ba mai zama a gidan, inda ginin ya tsufa ba mai ƙarfin tayar da shi, ko inda duk magadan talakawa ne da rabon zai zame musu jari.

Amma miliyan 48 ba ita za a raba ba. Dillalan da aka tuntuɓa sun ce la'adarsu kashi 5 cikin 100, miliyan 2 da dubu 400 ke nan. A ƙara kamar dubu 600 na lauya da takardu da zirga-zirga, abin da zai rage miliyan 45. Namiji ya koma naira 9,843,750, mace 4,921,875, Hajiya 5,625,000. Ga kuma jan lokaci. Takardar mallakar tana da sunan Alhaji, kuma a ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, gida mai takardar gwamnati ba a canza masa mai shi sai da amincewar gwamna. Mai saye mai hankali zai je KANGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a Kano, ya bincika ko an jinginar da gidan a banki, zai nemi takardar kotu da ta nuna su waye magada, zai kuma so ganin sa hannun kowannensu. Mai saye da bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, yana gaggawar ajiye kafin alƙalami, shi ne abin tsoro. Haka dillalin da ya hana magada haɗuwa da mai saye ido da ido: sau da yawa farashi biyu ne a aljihunsa, wanda ya faɗa muku da wanda ya faɗa masa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan tambayar da wasiƙar ba ta yi ba: ina Hajiya za ta koma? Miliyan 5 da dubu 600 ba za ta saya mata ko ɗaki biyu a Tarauni ba. Za ta bi Yaya gidan haya a bayan gari, ta zama baƙuwa a ƙarƙashin surukarta, nesa da maƙwabtan da suka yi shekara arba'in suna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga. Na shiga gaishe ta washegari, na same ta a gindin bishiyar darbejiyar da Alhaji ya dasa, tana tsince shinkafa a faranti. Ba ta san da wasiƙar ba tukuna. Ta ce min ƙaramar 'yarta za ta zo wankan jego bayan sallah, tana so a gyara mata ɗakin kusa da madafa. Wannan ɗakin ba ya cikin lissafin dillali. Gidan uba shi ne inda mace take komawa idan ta haihu, ko aure ya mutu, ko miji ya rasu. Wanda yake Jidda ba shi zai rasa wannan ba, ƙannensa mata ne za su rasa, su da ba a sa sunansu a wasiƙar ba.

Shi ya sa na karkata ga hanya ta ƙarshe, kuma ita nake ba duk gidan da yake da irin wannan fasali shawara: a bar gidan a tsaye, a fitar da mai son fita. Telan ba rushe gidan yake nema ba, kuɗinsa yake nema. Idan 'yan'uwansa suka saye kashi 14 ɗinsa a kan miliyan 10 da rabi, ya fi abin da zai samu a kasuwa da sama da naira dubu 650, tunda babu la'ada. Shari'a ma ta fifita su a kan bare: da zai sayar da kasonsa ga wani na waje kafin a raba, suna da haƙƙin shuf'a, su biya abin da baren ya biya su karɓe, kowa gwargwadon kasonsa. To me zai sa a jira sai an kai can?

Wahalarta biyu ce, farashi da biya. Wajen farashi, mai saye ɗan'uwa ne kuma yana zaune a gidan, mai sayarwa yana nesa bai san kasuwa ba, ga nauyin Yaya a kansa. Nan ake zaluntar na waje ba tare da an yi niyya ba. Maganinsa a sa mutum uku su yi wa gidan kuɗi kowa daban, ba tare da sun san abin da ɗan'uwansu ya faɗa ba: dillalin unguwa, ƙwararren mai ƙiyasta kadara mai rajista, da wanda ɗan Jidda ya zaɓa da kansa. Idan bakinsu ya yi kusa a ɗauki tsakiya, idan ɗaya ya yi nisa sosai a tambaye shi gidan da aka sayar a layin da ya dogara da shi. Kafin nan kuma a warware maganar ɗakuna biyun da Yaya ya gina a baya da kuɗinsa, a ware ƙimarsu da yardar kowa ko a bar wa alƙali. Shi ma Auta ya ce Baba ya taɓa cewa shago ɗaya nasa ne. Na tambaye shi wa yake karɓar hayar shagon har Alhaji ya kwanta ciwon ajali, ya ce Baba. Kyautar da ba a karɓe ta a hannu ba kafin nan, a Malikiyya ta koma cikin gado.

Wajen biya kuwa, Yaya ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari amma ba shi da miliyan 10 a ajiye, sai ya ce a yanke farashi yau ya riƙa biya a hankali cikin shekara biyu. A nan na tsaya wa telan. Wanda yake cin abinci da riyal, naira ce take cinye shi. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canjin Wapa, zuwa farkon 2024 ta kai 1,500. Miliyan 10 da rabi da take dala 14,000 ta koma dala 7,000, wato daga riyal 52,500 zuwa 26,250, tunda riyal a ɗaure take da dala a kan 3.75. Wanda ya yi irin wannan yarjejeniya a lokacin ya yi asarar rabin gadonsa yana zaune, gidan kuma yana ta tsada a hannun wanda bai gama biya ba. Ba kuma za a ce a ƙara masa wani abu a kan bashin saboda jinkiri ba, wannan riba ce.

Mafitar ita ce kada a mayar da kason bashi. A saye shi gutsure-gutsure, kowane gutsure da kuɗi hannu a farashin ranar. Bana a sayi kashi 6 daga cikin 14 a kan dubu 750 kowanne, miliyan 4 da rabi. Sauran 8 suna nan a matsayin mallakarsa, yana karɓar rabonsu na haya, baɗi a sake yi wa gidan kuɗi a sayi abin da aka iya. Idan gidan ya hau ya hau da shi, idan ya faɗi ya faɗi da shi. Kuma ba dole Yaya kaɗai ya saya ba. Da aka kira 'yan matan aka karanta musu wasiƙar, babbar ta ce tana da sarƙar gwal da awarwaro da za ta sayar ta ɗauki kashi 2, domin ta fi son ta ƙara ƙafa a gidan ubanta da ta ajiye gwal a akwati. Yaya ya ɗauki 3, Auta 1.

Wannan hanya tana da iyaka. Idan babu mai iya sayen ko kashi ɗaya, ko aka yi shekara biyu ana “sai an samu”, to riƙe mutum ne da sunan zumunci, kuma sayarwa a kasuwa ta fi adalci. Don haka na ce a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa in shekara uku ta cika ba a gama sayen kasonsa ba, a kai gidan kasuwa ba tare da wata jayayya ba, bayan an tanadar wa Hajiya wurin zaman da ita ta yarda da shi. Kowane ciniki a yi shi a rubuce, mai unguwa da limami su sa hannu, a kai kotun shari'a ta tabbatar da rabon, kuɗi kuma ya tafi kai tsaye asusun bankin mai shi, kada ya kwana a hannun kowa. Shi kuma telan ya rubuto takardar wakilci da aka sa wa hannu a ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda, ya naɗa wanda ba ya cikin masu saye, domin wakilin da yake sayar wa kansa ba wakili ba ne. Ya zaɓi kawunsu na wajen uwa.

Amsar da aka mayar masa shafi ɗaya ce, Auta ya rubuta, Yaya da 'yan matan suka sa hannu, Hajiya ta dangwala yatsa. A ƙasa ta sa aka ƙara layi ɗaya, cewa ɗakinsa na kusa da rijiya ba za a ba kowa haya ba har sai an sayi kashinsa na ƙarshe, kuma ko bayan nan, in ya zo hutu nan zai sauka.